Wayar mai POS a Kwangila: yadda canjin batir ɗaya ya ci naira 39,000

Farashin da ake gaya wa mutum idan ya tambayi kuɗin batir a shagunan PZ ko Tudun Wada kuɗin batirin ne kawai. A wayar da ake ɓalle marfinta da farce, wannan farashin shi ne ƙarshen magana. A wayar da aka manne bayanta da gam kuwa, batirin yanki ne na abin da za a biya, domin kafin a kai gare shi sai an fasa ginin wayar, kuma bayan an rufe mai wayar ba shi da hanyar ganin abin da aka saka masa. Gyaran waya ce sana'ata a nan Zariya, kuma zan bi lamarin wani matashi mai sana'ar POS a Kwangila dalla-dalla, don a cikinsa akwai kusan duk abin da ke faruwa da mutane a wannan harka. Kuɗaɗen da zan ambata su ne waɗanda shi ya biya a lokacin, kuma kowa ya san kayan waya da dala suke tafiya.

Wayar da irin aikin da take yi

Wayar Android ce mai matsakaicin kuɗi, batirinta 5000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, bayanta roba ce mai ƙyalli da aka manne, kuma wurin sa yatsa yana jikin bayan. Ya saye ta sabuwa, ta shekara biyu da 'yan watanni a hannunsa. Da ita yake duba shigowar kuɗi idan an yi masa tiransifa, da ita yake buɗe manhajojin banki, da ita kuma yake raba wa maƙwabcinsa mai sayar da kati data. Daga safe har bayan isha'i sikirin ɗinta a kunne yake, haskensa a ƙure saboda rana, a ƙarƙashin laima, a bakin kwalta.

Batirin waya ba da shekaru kaɗai yake tsufa ba, ya fi tsufa da yawan cikawa da ƙarewa. Duk lokacin da aka sha kashi 100 na cajin batir, ko a zama ɗaya ko a hankali, an yi zagaye ɗaya. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1,000, kuma wannan a yanayi mai kyau ne. Shi wannan matashi yana cika wayar da dare, sannan ya ƙara mata rabin caji da fawa banki wajen la'asar, wato zagaye ɗaya da rabi a kullum. A shekara ya kai wajen 550, a shekara biyu ya haura 1,000. Ga kuma zafi. Batirin litiyam yana lalacewa da sauri idan zafin da ke kewaye da shi ya wuce digiri 35, musamman idan yana caji ko yana cike, kuma duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Zariya ya san rana tana wuce hakan. Don haka batirin bai cuce shi ba. Ya yi iya aikinsa ya gaji.

Alamar farko da ya gani ita ce caji ba ya kai azahar. Ta biyu ta fi ɗaure masa kai: wayar tana nuna kashi 30, yana buɗe manhajar banki sai ta mutu, ya jona caja ta tashi tana nuna kashi 25. Ya ɗauka manhajar ce ke da matsala, har ya goge ta ya sake saukewa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, tsohon batir ba ƙarancin caji kaɗai ke damunsa ba, hanyar da wutar ke bi a cikinsa ma ta ƙuntata. Kamar famfon da bututunsa ya toshe ne: akwai ruwa a tanki, amma da an buɗe shi gaba ɗaya sai ƙarfin ruwan ya faɗi. Idan wayar ta nemi wuta da yawa lokaci ɗaya, ga network, ga sikirin, ga manhaja mai nauyi, sai ƙarfin wutar batirin ya zube ƙasa da abin da injin wayar zai iya aiki da shi, sai ta kashe kanta. Alama ta uku ita ce bayan wayar ya ɗan ɗaga ta gefe ɗaya har farce na shiga. Wannan kumburi ne, iskar gas ce da ruwan sinadarin cikin batirin ke fitarwa idan ya fara ruɓewa, kuma daga nan maganar ta tashi daga jin daɗi ta koma ta tsaro.

Gyaran farko

Ya kai ta wani tebur kusa da wurin sana'arsa, aka ce naira 6,500 har da kuɗin aiki, ya dawo bayan awa biyu. Bai tsaya ba saboda kwastomomi. Da ya dawo wayar tana kunne, caji yana shiga, amma akwai tsaga a kusurwar marfin baya, kuma wurin sa yatsa ya daina aiki. Aka ce masa ai dama kumburin ne ya lalata su. Ya karɓa ya tafi.

Makon farko ya ji sauƙi, domin wayar ta daina mutuwa a kashi 30. Wannan shi ke rufe wa mutane ido: kowane sabon batir, komai ƙanƙantarsa, zai magance mutuwar ba-zata, tunda hanyar wutarsa ba ta ƙuntata ba tukuna. Amma caji bai daɗe yadda yake tsammani ba, kafin la'asar ta ƙare. Bayan kamar wata biyu sai gefen wayar ya sake buɗewa, ƙurar hunturu ta shiga, hoton kyamara ya yi hazo. A nan ya kawo mini ita.

Abin da awo ya nuna

Ya ce mini, "Oga, don Allah ka gaya mini gaskiya, batirin ne ko injin ne ya tafi? In injin ne kada in ƙara ɓarnar kuɗi."

Na ce masa, "Malam, bar ta mu auna tukuna. Ba na so in faɗa maka abin da ban gani ba."

Wannan tambaya tasa ita ce ta farko da ya kamata a amsa, domin akwai wayoyin da ke shan caji ba don batir ba, sai don wani abu a jikin injin yana zuƙar wuta ko da an kashe su. Irin wannan wayar tana ɗumi a aljihu ba a taɓa ta ba, kuma idan aka kashe ta da dare a kashi 80 a wayi gari ta sauka sosai. Tasa ba ta yi haka ba, an kashe ta an kunna ta tana nan inda take. Saura awon batirin kansa.

Akwai wata 'yar mita da ake sawa tsakanin caja da waya, tana ƙirga wutar da ta wuce. Muka bar wayar ta ƙare har ta mutu, muka caja ta a kashe har ta cika. A nan masu gyara da yawa ke rikicewa, don mitar tana nuna mAh, sai su kwatanta da 5000 da ke jikin batir. Lissafin bai yi ba, domin mitar tana auna wutar caja ne mai 5V, batirin kuma yana aiki a wajen 3.85V. Lambar da za a duba ita ce Wh, wadda ke haɗa mAh da V ta ba da ainihin yawan wutar. Lissafin batirin kuwa haka yake:

```
5000 mAh × 3.85 V ÷ 1000 = 19.25 Wh
```

Tunda wani kaso na wutar yana tafiya a zafi yayin caji, lafiyayyen batir mai wannan girma zai ja fiye da hakan daga caja, wajen Wh 21 zuwa 23. Mitar ta tsaya a 14.5. Idan aka cire asarar zafi, abin da ya shiga batirin bai wuce Wh 12.5 ba, wato kusan 3,200 mAh. Batirin wata biyu kenan, wanda aka buga wa 5000 a jiki.

Da na buɗe sai sauran labarin ya fito. Batirin ya fi raminsa sirantaka, an cike gibin da soso mai gam. Na ɗora shi a kan ƙaramin sikeli ya ba da giram 50 da ɗoriya, alhali na gaske mai wannan girma yana kaiwa wajen giram 65 zuwa 70. Nauyi ba ya ƙarya a wannan fanni, don sinadarin da ke riƙe cajin shi ne nauyin. Siririn fileks ɗin, wato lallausar igiyar wutar da ta haɗa wurin sa yatsa da injin, a yage yake, yagewar kaifi, ba ta kumburi ba. A ƙasan ramin batirin akwai ƙarce-ƙarcen bakin sukundireba, kuma gefen marfin duk busasshen sufa gulu ne.

Ba na jin daɗin aibanta abokin sana'a, kuma mai yiwuwa shi ma a matsayin 5000 aka sayar masa da batirin. Amma ƙarcen nan na sukundireba ya tsaya mini a rai, domin an sa ƙarfe an ɓanɓari kumburarren batir. Fatar batirin waya siririn ledar alminiyam ce kawai, a cikinta kuma akwai shimfiɗu biyu da wata 'yar takarda mai laushi ta raba. Idan ƙarfe ya huda ya haɗa su, wuta ce ke tashi nan take, da hayaƙi mai guba, a kan teburin da ke cike da wayoyin mutane. Allah ne ya tsare.

Yadda aikin yake idan za a yi shi daidai

Mutum ya kan ji kuɗin aiki naira 4,000 ya ga kamar an cuce shi, tunda a tunaninsa cirewa da sakawa ne. Ga abin da kuɗin ke biya.

Kafin a taɓa komai ana sauke cajin ƙasa da kashi 25, saboda batir mai ƙarancin caji ko an huda shi bisa kuskure haɗarinsa ya ragu ƙwarai. Sai a kashe wayar, a cire tiren sim, a kwantar da bayanta a kan faifan ɗumama a wajen digiri 70 zuwa 80 na 'yan mintuna har gam ɗin ya yi laushi. Idan batirin ya kumbura ba a yi masa wannan ɗumamar kai tsaye, sai dai a bi gefe-gefe a hankali. Daga nan a sa siririn kati na roba a zagaya, ba tare da an zurfafa shi ba, domin fileks ɗin wurin sa yatsa yana nan kwance ƙasa da marfin. Ana ɗaga marfin kamar ana buɗe littafi, a leƙa, a cire fileks ɗin, sannan a raba. Wanda ya fizge marfin gaba ɗaya shi ke yage shi, kuma abin da ya faru da wannan wayar kenan.

Bayan haka akwai ƙananan kusoshi fiye da goma da murfin da ya rufe injin. Abu na farko da ake cirewa daga injin shi ne kan batirin, kafin kowane fileks, don kada a haɗa wuta. Sai babban aikin, wato raba batirin da jikin wayar. Wasu kamfanoni suna sa gam mai harshe wanda ake ja a hankali ya zare. Wasu kuwa shimfiɗa gam ɗin suke yi kawai, kuma nan ake ɗiga sifirit na gyaran waya, wanda ƙarfinsa ya kai kashi 90 ko fiye, a gefen batirin, a jira ya ratsa, a ɗaga da roba. Ba a lanƙwasa batir, ba a sa masa ƙarfe. Ƙarƙashinsa sau da yawa akwai dogon fileks da ya haɗa injin da wurin caji, kuma bayan wannan sai sikirin. Hannu ya kuskure kaɗan, gyaran batir ya koma gyaran sikirin, wanda ya ninka shi kuɗi.

Idan an saka sabon, ana gwada komai kafin a rufe: caji, lasifika, makirfo, kyamara, network, wurin sa yatsa. Sai a kankare tsohon gam tas, a zuba na waya irin su B-7000, a matse da maƙalai na wasu awanni. Gam ɗin waya yana bushewa da taushi, ana iya sake ɗumama shi a buɗe nan gaba. Sufa gulu kuwa yana ƙanƙarewa, yana cin roba, tururinsa yana sa gilashin kyamara ya yi fari, kuma ba ya jure lanƙwasar aljihu, shi ya sa gefen wayar ya sake buɗewa.

Akwai abu ɗaya da ko ƙwararre ba zai iya mayarwa yadda yake ba. Wayar da aka sayar a matsayin mai jure ruwa, da zarar an buɗe ta a shago irin namu, kada mai ita ya ƙara dogara da wannan alkawari, musamman da damina.

Lissafin duka

A wurina ya biya naira 14,000 na batir mai kyau, 4,000 na aiki, 3,500 na sabon marfi, da 3,000 na fileks ɗin wurin sa yatsa. Idan aka haɗa da 6,500 na farko, an kai 31,000. Fileks ɗin ba a same shi a Zariya ba, sai da aka aiko daga kasuwar Farm Centre a Kano, kuma tsakanin awo da jira da bushewar gam ya rasa aikin kwana biyu. Ya ce a rana yana samun kamar 4,000, wato 8,000 sun tafi. Jimla 39,000, a kan aikin da da an yi shi daidai tun farko 18,000 ne da yini ɗaya. Da muka auna sabon batirin da mitar nan, ta ba da Wh 21.6.

Akwai kuma wani kuɗin da ba a rubutawa. Wayar da ke ɗauke da manhajojin banki da lambobin kwastomomi ta kwana a hannun wani. Ni na ce ya cire sim ɗinsa ya tafi da shi, kuma ban karɓi lambar sirrinsa ba, sai da ya dawo ya buɗe da hannunsa muka gwada a gabansa. A gyaran farko kuwa ya ba da lambar, don an ce sai da ita za a gwada. Canjin batir ba ya buƙatar a bar wa kowa lambar buɗe waya.

Wayar Baba

A rana ta biyu ya zo da 'yar ƙaramar waya mai madannai ta mahaifinsa, wadda ya ara ya sa sim ɗinsa don ya riƙa ganin saƙon shigowar kuɗi. Ita ma batirinta ya gaji. Irin BL-5C ne, wanda Nokia ta fito da shi kuma ƙananan wayoyi da rediyoyi da yawa suka ɗauki siffarsa. Ya saya a shagon da ke kusa da ni kan naira 2,000, ya ɓalle marfin da farce, ya canza a tsaye, ko minti ɗaya bai yi ba.

Kada a ɗauka batirin cirewa ya tsira daga jabu. Ya ma fi yawan jabu, har za ka ga an buga lambobin da girmansa ba zai taɓa ɗauka ba, alhali na asalin 1020 mAh ne. Bambancin shi ne mai saye yana riƙe shi a hannu, yana jin nauyinsa, yana iya ɗora shi a tebur ya juya ya ga ko ya kumbura, kuma idan ya fito marar kyau asarar ta tsaya a naira 2,000 ɗin, ba ta taɓa marfi ko fileks ko sikirin ba. A manniyar waya kowane kuskure yana jawo sake buɗewa, kowace buɗewa kuma tana da nata haɗarin.

Masu ƙera waya suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ƙarya ba. Batirin cirewa yana buƙatar ƙaƙƙarfan kwanso nasa da rami mai bango a cikin wayar, wannan wurin kuma da an cike shi da sinadari zai ƙara caji. Babban batirin da ke kai mai POS yini guda yana daga cikin ribar mannewa. Hujjar ruwa ce ba ta gamsar da ni sosai ba, domin Galaxy S5 ta 2014 ana ɓalle bayanta a cire batir kuma tana da shaidar jure ruwa ta IP67, sai a S6 ta 2015 aka manne. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023, mai lamba 2023/1542, wadda daga 18 ga Fabrairu 2027 za ta wajabta a riƙa ƙera na'urori yadda mai su zai iya canza batir da kayan aikin da ake samu a kasuwa, duk da akwai sassauci ga wayoyin da ke jure ruwa kuma batirinsu ke da ƙarko sosai. Dokar ba ta hau kan Najeriya ba, kuma yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu don kasuwar Afirka aka yi su, saboda haka ba na ce wa kowa ya jira ta.

Abin da na gaya masa kafin ya tafi

Ya tambaye ni ko da ya sayar da ita tun farko ya fi. Na ce a'a, tunda injin da sikirin lafiyarsu lau, kuma 18,000 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabuwa irinta ba. Inda nake hana mutum shi ne idan sikirin ya riga ya tsage, wurin caji yana wasa, ga batir, har jimlar ta doshi rabin kuɗin wayar.

Don nan gaba kuma, tunda irin aikinsa zai sake cinye wannan batirin cikin shekara biyu ko ƙasa da haka, na ce ya riƙa tsayawa a buɗe wayar a gabansa, ya ga sabon batirin kafin a saka, ya sa a ɗora shi a sikeli tare da tsohon, ya duba ranar ƙira da ke jikinsa don batirin da ya daɗe a ajiye ya riga ya fara tsufa, kuma ya nemi a rubuta masa garanti ko na wata ɗaya ne a bayan rasit. Na kuma ce ya daina barin wayar a kan tebur inda rana ke dukanta tana caji, ya cire mata kwanson roba idan ta yi zafi, kuma da fawa banki ya tsaya a wajen kashi 80 maimakon ya bar ta a jone tana cike duk yini.

Jabun batirin da na cire na liƙe bakinsa da salatif na sa a bokitin ƙarfe mai yashi da nake ajiye irinsu, nesa da janareto. Ya so ya tafi da shi ya nuna wa wanda ya saka masa, na ce ya ɗauki hotonsa a kan sikelin ya isa, don batirin da aka ɓanɓaro ba abin sawa a aljihu ba ne a cikin Keke Napep. Ya ɗauki hoton, ya je, aka mayar masa da naira 3,000.